Wasiƙar canza suna bayan aure: yadda ake rubuta ta rajista ta karɓa ba tare da an dawo miki da ita ba

Na yi shekaru ina zaune a bayan kanta a rajistar wata ma'aikata a nan Jos, kuma cikin wasiƙun da suka ratsa ta hannuna babu wadda aka fi mayar wa mai ita kamar ta canza suna bayan aure. Abin mamaki, duka-duka ba ta cika rabin shafi ba. Amma sai ki ga mace mai digiri biyu ta zo sau uku, tana hawa bene tana sauka, kullum da sabon gyara. Har ƙanwata ta ciki ɗaya sai da abin ya same ta a nata wurin aikin, domin ba ta nuna mini takardun ba sai da aka dawo mata da su. Da labarinta zan yi miki bayani. Ba zan faɗi sunanta ba, sai dai mu ari na misali, mu kira ta Aishatu Garba Muhammad, mijinta kuma Lawal Idris.

Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne wanda zai karanta wasiƙar. Akawun rajista ba ya neman ƙwarewar Turanci. Fayil ɗinki yana gabansa, kuma tambaya uku yake yi wa takardarki: shin wannan matar ita ce mai wannan fayil, wane suna take so a koma kiranta da shi, kuma me ya sa? Amsar tambaya ta ukun ita ce ke gaya masa irin shaidar da zai nema. Idan dalilin aure ne, zai duba shaidar aure. Idan kuskuren rubutu ne, takardar haihuwa ko ta makaranta zai nema. Idan kuwa ba ki faɗi dalilin a fili ba, ba shi da abin da zai gwada takardunki da shi, sai ya rubuta a gefe cewa mai neman ta yi ƙarin bayani, ya mayar da fayil kan shiryayye. Nan zai kwana har ki zo cigiya.

Kafin alƙalami ya taɓa takarda

Babu dokar da ta tilasta wa matar aure a Najeriya ta ɗauki sunan mijinta. Na faɗi wannan ne domin na sha ganin amare sun zo a gaggauce, suna tsammanin laifi ne a ci gaba da amsa sunan uba a ofis. A cikinmu ma Musulmi malamai da yawa suna kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ahzabi, wadda ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, su ce bai dace mace ta ajiye sunan mahaifinta ba. Shi ya sa wasu matan suke barin sunan yadda yake, su sanar da ofis cewa sun yi aure kawai. Wasu kuma su bar na uba a tsakiya su ƙara na miji a ƙarshe. Maƙwabtanmu Kirista sun fi ɗaukar sunan gidan miji gaba ɗaya. Wannan shawara taku ce ke da maigida, amma a gama ta a gida. Kada ki zo gaban mai buga takarda kina kiran waya kina tambayar wanne za a sa.

Ƙanwata ta zaɓi ta tsakiyar: ta bar Garba, sunan mahaifinmu, ta sauke Muhammad na kakanmu, ta ɗauki Lawal. A nan akwai wani abu da ke rikita akawun da bai saba da sunayenmu ba. Mu Hausawa mace kan ɗauki sunan yanka na mijinta ne, ba sunan mahaifinsa ba, wato ta zama Aishatu Lawal, ba Aishatu Idris ba. Akawu zai buɗe shaidar aure yana neman sunan ƙarshe na miji, sai ya ga Idris, ya ce to ina Lawal ya fito? Saboda haka a wasiƙa sai ki rubuta cikakken sunan mijin, yadda duk wanda ya duba zai ga inda sabon sunan ya samo asali. Sannan fom ɗin gwamnati gida uku gare shi: sunan mahaifi ko na iyali, sunan farko, da na tsakiya. Ki yanke tun yanzu wanne ne zai shiga wane gida, ki rubuta a wata 'yar takarda da manyan baƙaƙe, ki sa a jaka. Duk inda kika je, daga kotu har banki, wannan 'yar takardar za ki miƙa a kwafa, kada ki faɗa da baki.

Takardu uku da wasiƙar ke tsaye a kansu

Ta farko shaidar aure. Wanda aka ɗaura a rajistar aure ko a cocin da ke da lasisi, a ranar ake ba da satifiket, ba wata wahala. Namu na ƙofar gida ko na masallaci shi ne sau da yawa ake watsewa bayan fatiha da rabon goro ba tare da an rubuta komai ba. Sai an koma wajen limamin da ya ɗaura, ko kwamitin masallacin, a karɓi takardar shaida mai ɗauke da sunan ango da amarya, waliyyai, shaidu, sadaki da ranar ɗaurin aure. Ki tambayi rajistarku tun da wuri ko takardar masallaci ta ishe su, ko suna son wadda kotu ta buga wa hatimi, domin ofisoshi sun sha bamban a nan. Tambayar minti biyu ce, amma tana hana zirga-zirgar mako guda.

Ki lura da kwanan wata a jikin wannan takarda. Ta ƙanwata an rubuta ta ne bayan kusan shekara biyu da ɗaura auren, don haka kwanan wata biyu ne a jikinta: ranar da aka ɗaura, da ranar da aka ba da takardar. Wanda za ki sa a wasiƙa da takardar rantsuwa shi ne ranar ɗaurin aure. Ita kuwa a takardar rantsuwarta ta ɗauki na ƙasa, wanda ke kusa da hatimi, ga shi kuma ta riga ta yi hutun haihuwa kafin wannan ranar, takardar hutun na cikin fayil. Kin ga irin kallon da akawu zai yi wa lissafin.

Ta biyu takardar rantsuwa, wadda aka fi sani da afidabit. A kotu ake yin ta, gaban kwamishinan rantsuwa, kuma ta babbar kotu ce aka fi karɓa ko'ina ba tare da gardama ba. Ke za ki je da kanki, da hoton fasfo, ki biya kuɗin a ba ki rasit. A kewayen kotu akwai masu buga takardu da suka haddace zubin, cikin ɗan lokaci za su buga miki, amma saurin nasu ne ke kawo ɓarna, domin kan takardar wata matar da ta gabace ki suke goge suna su sa naki. Kafin ki shiga wajen kwamishina, tsaya a inuwa ki karanta layi-layi. Tsohon suna daidai yake da na takardar ɗaukarki aiki? Sabon suna daidai yake da 'yar takardar jakarki? An ambaci cewa dalilin aure ne, da sunan miji da ranar? Akwai jimlar da ke cewa duk takardun baya masu tsohon suna suna nan da ingancinsu? Idan an buga hatimi an sa hannu, ba a gyara ta da biro; sai dai a sake wata.

Ta uku sanarwa a jarida. Jaridu irin su Daily Trust, Leadership da Punch suna da shafukan canjin suna, ƙananan akwatuna jere kamar gidan zuma, kuma wakilansu za su nemi ganin afidabit kafin su karɓa. A nan Filato muna da The Nigeria Standard, amma idan hedikwatar ma'aikatarku a Abuja take, ki nemi jaridar da ake sayarwa a faɗin ƙasa, domin irinta yawancin ofisoshin tarayya suke nema. Ranar da ta fito ki sayi kwafi biyu ko uku. Kada ki yanke akwatinki da almakashi. Shafin gaba ɗaya ake so, domin sunan jarida da kwanan wata a saman shafi suke, kuma in babu su guntuwar takardar ba shaida ba ce. Idan za a yi fotokwafi, ki ce a rage girman shafin yadda saman zai fito, sannan ki zagaye akwatinki da biro a jikin kwafin, kada akawu ya ɓata rabin awa yana nemanki cikin mata ɗari.

Yadda wasiƙar farko ta dawo

Ƙanwata ma'aikaciyar wata hukumar tarayya ce mai ofishi a Jos, hedikwata a Abuja. Ran wata Asabar da sanyin hunturu, ta shigo gidana da ambulan a hannu, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, duba mini, wai sun ce takarduna ba su yi daidai ba. Wata biyu fa ke nan."

Na baje su a kan tabarma, na ɗauko biro. Wasiƙar ta cika shafi ɗaya da rabi. Ta fara da godiya ga shugabanni, ta ba da tarihin shekarunta a aiki, sai can ƙasa ta ce tana roƙon a canza mata suna "saboda wasu dalilai na iyali". Kalmar aure ba ta fito ko sau ɗaya ba. Na tambaye ta me ya sa, ta ce kunya, wai ba ta so ta rubuta wa manya maganar aure ɓaro-ɓaro. Na gane ta sarai, tarbiyyarmu ce, amma dalilan iyali na iya zama aure, na iya zama rabuwa, na iya zama rikicin gado. Wanda ke Abuja bai san ta ba, bai ci tuwon bikinta ba.

Sai sunaye. A takardar ɗaukarta aiki Aishatu ce. A afidabit an buga Aisha. A jarida tsohon sunan ya fito da Mohammed maimakon Muhammad. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, ko yaro ya sani. A wajen rajista kuwa mata uku ne, kuma babu takardar da ta ce wadda ta yi rantsuwa ita ce mai fayil. Ƙari a kan haka, a ƙarshen wasiƙar ta liƙa wata buƙata, cewa a gyara mata watan haihuwa da aka yi kuskurensa tun ranar ɗaukar aiki. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da komai. Ranar haihuwa tana cikin abubuwan da ke yanke ranar ritaya, don haka duk takardar da ta taɓa ta ana yi mata kallon tsanaki, a kai ta teburin da ba a sauri. Canjin sunan da ba shi da wata matsala sai ya bi ta can ya maƙale. Buƙata ɗaya, wasiƙa ɗaya.

Ranar Litinin muka koma kotu aka sake afidabit, Laraba ta kai wa wakilin jarida, sanarwar ta fito a makon da ya biyo. Kuɗi biyu, wahala biyu, duk a kan harafi uku ko huɗu.

Wasiƙar kanta

Da Turanci ake miƙa ta, domin shi ne harshen aikin ofis, amma zan kawo ta da Hausa don ki ga ƙashin bayanta. In kin fahimci abin da kowane layi ke yi, juya shi ba zai ba ki wuya ba, kuma mai buga takarda ba zai cusa miki abin da ba ki ce ba.

A sama ta dama ki sa sashenku da adireshin ofis, da kwanan wata. A hagu, wanda ake rubuta wa. Wannan wurin ana yawan kuskure, domin ko da yake rajista za ki kai, ba akawun rajista ake rubuta wa ba. A jami'a ko kwaleji Magatakarda ake rubuta wa. A ma'aikatar gwamnati Babban Sakatare, a hukuma kuma shugabanta, galibi a ja hankalin daraktan kula da ma'aikata. A ƙasan wannan sai layin "ta hannun", wato shugaban sashenki, wanda zai sa hannu ya tura gaba. Ta ƙanwata ta bi ta hannun mutum biyu, shugaban sashe da shugaban ofishin jiha, kafin ta kama hanyar Abuja. Wasiƙar da ta tsallake waɗannan, ko ta isa, dawo da ita za a yi ta bi layi.

Ga yadda ta biyun ta kasance:

Ranka ya daɗe,

NEMAN CANZA SUNA SABODA AURE: AISHATU GARBA MUHAMMAD, LAMBAR FAYIL KAZA

Ni ma'aikaciya ce a sashe kaza na ofishin Jos, a mataki kaza, kuma sunana a fayil shi ne AISHATU GARBA MUHAMMAD.

An ɗaura mini aure da Malam LAWAL IDRIS a Jos, ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza. Saboda wannan aure nake roƙon a canza sunana a bayanan wannan hukuma daga AISHATU GARBA MUHAMMAD zuwa AISHATU GARBA LAWAL. Sunan iyali: LAWAL. Sunan farko: AISHATU. Na tsakiya: GARBA.

Duk takarduna na baya masu ɗauke da tsohon suna nawa ne, kuma suna nan da ingancinsu. Ina roƙon a sanar da sashen albashi da na fansho idan an amince.

Na haɗa da kwafin shaidar aure, da takardar rantsuwa ta babbar kotu mai kwanan wata kaza, da shafin jarida kaza ta ranar kaza.

Na gode.

Sai sa hannu, sai suna, sai lambar waya.

Shi ke nan, ba ƙari. Yanzu bari in tsaya a kan wasu layukan, domin kowanne akwai ciwon da yake magani.

Kanun wasiƙar ya ɗauki dalilin tun daga sama. Babban jami'in da fayil arba'in ke jiransa kanun kawai yake karantawa ya rubuta ɗan umarni a kai ya tura. Da ya ga "saboda aure", ya san teburin da za ta je. Sunan da ke cikin kanun tsohon ne, tare da lambar fayil, domin da su za a nemo ki. Na taɓa karɓar wasiƙar da daga sama har ƙasa sabon suna ne kawai, babu lamba. Muka yi yini biyu muna neman fayil ɗin matar da a wajenmu ba ta wanzu ba, sai da masinja ya gane lambar wayarta.

Jimlar dalili kuwa abu huɗu take ɗauke da su: aure ne, da wane, a ina, yaushe. Kowanne akawu zai iya ɗora yatsa a kansa a jikin shaidar aure ya ga ya yi daidai. Wannan shi ne faɗin dalili a fili. Ba a buƙatar ki ce mijinki ne ya nema, ko al'ada ce ta sa, ko kin daɗe kina son yi ba ki samu dama ba. Ko da auren ya shekara goma, ba sai kin ba da haƙurin jinkiri ba. Ranar na nan a rubuce, ta wadatar.

Kalmomin "daga" da "zuwa" su ne zuciyar takardar, shi ya sa ake rubuta sunayen biyu da manyan baƙaƙe. Tsohon ki kwafe shi daga takardar ɗaukar aiki harafi-harafi, ko da kin san an rubuta shi ba yadda kike so ba. Idan fayil ya ce Mohammed, ki rubuta Mohammed. Idan takardunki na makaranta da na aiki tun asali ba su yi daidai da juna ba, wannan wata matsala ce daban, kuma a afidabit ake warware ta: a jera duk siffofin sunan, a rantse cewa na mutum ɗaya ne.

Jimlar da ke cewa takardun baya suna nan da ingancinsu, kada ki bar ta don kina ganin al'ada ce kawai. Sakamakon jarrabawarki ta sakandare, digirinki, takardar hidimar ƙasa, duk za su ci gaba da ɗaukar sunan budurci har abada, domin ba a sake buga su saboda aure. Ranar tantance ma'aikata ko jarrabawar ƙarin girma, abin da zai haɗa matar da ke kan digiri da matar da ke kan takardar albashi shi ne wannan jimlar, da afidabit da jaridar da ke bayanta.

Wajen sa hannu, ki yi wanda ofis ya sani, ki rubuta tsohon suna a ƙasa. Har sai an amince, a wajensu ke ce mai tsohon suna.

Ranar miƙawa

Ki buga kwafi uku, ki haɗa kowanne da fotokwafin takardun nan uku, a jere yadda kika lissafa su a wasiƙa. Na asali ki riƙe su a jaka don a gani a gwada, amma kada ki bar su a rajista, ko wa ya ce ki bari. Fayil na yawo daga tebur zuwa tebur, igiyarsa na kwancewa, takarda na zamewa. Shafin jaridar da ta fito bara ba ƙaramin aiki ba ne sake samunsa.

Bayan shugaban sashe ya sa hannu, ki kai rajista da kanki. Abin da ba za ki fita ba tare da shi ba shi ne kwafinki da aka buga wa hatimin karɓa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Wani akawun zai ce, "Hajiya, ajiye kawai, za mu duba." Ki yi murmushi ki ce, "To Malam, a taimaka a buga mini nawa kwafin." Ba rashin yarda ba ne, kuma akawun kirki ya san haka. Ƙanwata a karon farko ba ta karɓi wannan ba, don haka da aka ce mata wasiƙar ba ta iso Abuja ba sai bayan wata guda, ba ta da bakin magana. A karo na biyu dattijon da ke rajistarsu ya buga mata hatimi, ya shigar a littafin karɓa, har ya nuna mata lambar layin. Ta ce, "Baba, yaushe zan dawo?" Ya ce ta ba shi mako biyu, jakar Abuja ba kullum take tafiya ba.

Idan kin dawo cigiya, kada ki tambaya ko an gama. Ki tambaya fayil ɗin yana teburin wa, kuma yaushe ya fita daga rajista. Kowace rajista tana da littafi ko kati da ake rubuta fitar fayil da shigarsa. Da wannan tambayar za ki san ko tafiya yake yi ko barci.

Yadda za ki san an yi, da abin da ya rage

Amincewa a rubuce take zuwa, 'yar gajeriyar wasiƙa mai cewa hukuma ta karɓi canjin, daga yanzu za a san ki da suna kaza. Maganar baki cewa "ai an gyara" ba ta isa ba. A bangon fayil za a ja layi ɗaya a kan tsohon suna yadda har yanzu ana iya karanta shi, a rubuta sabon a sama. Ba a goge shi, kuma lambar fayil ba ta canzawa. Daga nan sai ki sa ido a wuri biyu, jerin sunayen ma'aikata da takardar albashi. Idan wata biyu sun wuce takardar albashi na nan da tsohon suna, to kwafin amincewar bai isa sashen albashi ba, ko ya isa ba a tura wa masu IPPIS, tsarin biyan albashin tarayya, ba in ta can ake biyan ki. Ki ɗauki naki kwafin ki kai musu da hannu.

Rajistar ofis bayananta kaɗai take gyarawa. NIN na hannun hukumar NIMC, BVN na hannun bankinki, asusun fansho na hannun kamfanin fanshonki, fasfo na hannun hukumar shige da fice, kuma kowannensu sai kin nemi gyara a wajensa da takardunki na shaida. Shawarata ki fara da NIN a makon da kika miƙa wasiƙa, domin sauran duk da shi suke gwada suna. Banki kuma ki jira sai amincewa ta fito, sannan ki yi shi tare da sanar da sashen albashi a lokaci guda, don kada a daɗe sunan asusu daban, sunan albashi daban. Wanda mata suka fi mantawa shi ne fansho, domin babu abin da ke tuna musu shi a wata-wata. Sai bayan shekara ashirin, an zo ritaya, a tarar asusun na ɗauke da sunan wata budurwa, a fara neman jaridar da ɓera ya cinye.

Ɗaliba mai rubuta wa Magatakardar jami'a, zubin wasiƙar ɗaya ne, sai dai lambar ɗaliba ta maye gurbin lambar fayil, kuma ta bi ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya. Amma ki fara tambayar ofishin kula da bayanan ɗalibai ko suna canza suna a tsakiyar karatu, domin sunan da ke wajen JAMB shi ake bi wajen tura sunaye hidimar ƙasa. Idan kina shekarar ƙarshe, ni dai da zan ba ki shawara, ki ƙarasa da sunan da kika shiga da shi, ki yi canjin daga baya.

Abu ɗaya da ba a son faɗa wa amarya, amma na ga ya faru a gaban kantata fiye da sau ɗaya: idan zama ya ƙare, komawa tsohon suna ma sai an bi wannan hanyar daga farko, kotu, jarida, wasiƙa, a wannan karon da takardar saki a maimakon shaidar aure. Ba fata nake yi ba, Allah ya ba da zaman lafiya. Na faɗa ne don wadda ke tsakanin ta canza ko ta bari ta san nauyin abin da take ɗauka.

Amincewar ƙanwata ta iso Jos bayan mako biyar da miƙa ta biyun. Na sa ta yi fotokwafi biyar, ta sa ta asalin a leda ɗaya da afidabit da cikakken shafin jarida da shaidar aure, ta ajiye a akwatin da takardar haihuwarta take. Kwafi ɗaya yana wajena, a cikin tsohuwar jakar da nake ajiye takardun gidanmu.